Zuwa ga ɗana mai shago: yadda za ka raba kuɗin shago da na aljihunka

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, da kai da amarya da mahaifiyarka. Ya kasuwa?

Ranar da na biyo ta shagonka ka faɗi wata magana da har yanzu ba ta bar raina ba. Ka ce ciniki kam ana yi, mutane ba sa yankewa, amma duk sanda za ka shiga kasuwar Singa saro kaya sai ka ga kuɗin hannunka bai kai na makon jiya ba, har ka fara zargin yaron shago. Ban tanka ba a lokacin saboda yaron yana tsaye. Amma a ɗan zaman da na yi, na ga ka zura hannu a durowa sau uku: ka ba ƙanenka kuɗin cefane, ka sayi kati, ka sallami mai kawo abinci. Ko sau ɗaya ban ga ka ɗauki biro ba. Shekara da shekaru ina duba littattafan 'yan kasuwa, kuma yawancin shagunan da na ga sun durƙushe haka suka fara. Masu su ba ɓarayi ba ne, ba kuma almubazzarai ba. Kuɗin shago da na gida ne suka zauna a aljihu ɗaya, har mai shi ya ci uwar kuɗi yana zaton riba yake ci.

Bari mu fara da lissafin da muka yi a bayan kwali da yammacin ranar, domin ka gan shi a tsare. Kana cinikin kusan naira 3,000,000 a wata. A kayan masarufi irin naka, sukari da madara da taliya da sabulu, mun ga abin da ke hawa a kan kowace naira 100 bai wuce naira 8 ba. Ke nan a cikin miliyan ukun nan, 240,000 ce kawai ta hau, sauran duk kuɗin kaya ne da za su koma Singa. Ita ma 240,000 ɗin ba taka ba ce tukuna. Hayar shago 240,000 ce a shekara, wato 20,000 a wata, ko da kuwa ba a wannan watan kake biya ba. Yaron shago 30,000. Dako da kuɗin mota 25,000. Wuta da man janareta 20,000. Leda da cajin banki da harajin da ake karɓa 15,000. Sun tashi 110,000. Abin da ya rage, 130,000, shi ne ribarka ta gaskiya.

To, nawa kake ɗiba? Cefane 4,000 kullum, 120,000 a wata. Kati da man babur 1,000 kullum, 30,000. Gudunmawar bikin abokinka 25,000. Magani 15,000. Kayan da ake ɗauka daga kanta a kai gida, ka ce za su kai 20,000. Jimla 210,000. Shagon yana samar da 130,000, kai kana cire 210,000, saboda haka duk wata jarinka yana raguwa da 80,000. A shekara 960,000 ke nan, fiye da rabin jarin. Kuma babu ranar da za ka ji a jikinka, domin durowa kullum da kuɗi a ciki. A kan kanta ake ganin abin: inda da katan goma ne ya koma shida, abin da da kake saya kuɗi hannu yanzu sai dila ya ba ka bashi. Ka ga yaron nan bai ci maka komai ba.

Ga yadda za ka gyara, kuma ina so ka bi shi daki-daki.

Abu na farko, ka san nawa ne jarinka a yau. Ka zaɓi dare ɗaya bayan an rufe, ku ƙirga duk abin da ke shagon, katan-katan, buhu-buhu, har na ɗaiɗai. Ka yi musu kuɗi a farashin da ka saro, kada ka sa farashin sayarwa, domin ribar da ba a sayar ba ba ta shigo ba. Abin da ya lalace ko kwanansa ya ƙare, ka fitar da shi gefe, ba ya cikin lissafi. Sai ka ƙara tsabar kuɗin da ke durowa da na banki da ka tabbata na ciniki ne. Sai bashin da kake bin mutane, amma wanda kake sa ran za a biya kawai. Wanda ya shekara yana ce maka gobe, rubuta shi a wani shafi dabam, kada ka ruɗi kanka da shi. A ƙarshe ka cire bashin da ake bin shago.

A ce kaya sun kama 1,700,000, kuɗi 250,000, bashin da ke wajen mutane 150,000. Sun haɗu 2,100,000. Dila yana binka 300,000. Jarinka 1,800,000 ke nan. Ka rubuta shi a shafin farko na sabon littafi, ka sa kwanan wata. Daga wannan daren ka ɗauka kuɗin nan na wani mutum ne mai suna shago, kai kuma yaronsa ne da aka ba amana. Na san maganar za ta yi maka banbaraƙwai, tunda gumin ka ne. Amma ka tuna zaman da ka yi a shagon maigidanka kafin ya sallame ka. Ka taɓa ɗaukar ko naira ɗari a durowarsa ba tare da ka faɗa ba? To irin wannan riƙon nake so ka yi wa naka.

Abu na biyu, ka raba musu ma'aji. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, kuma na lura lambar asusun da ka liƙa a bango ita ce wadda 'yan'uwa ke turo maka kuɗi a ciki, ita ce kuma kake sayen kati da ita. A haka ko ni ba zan iya warware maka wane kuɗi ne na wane ba. Ka buɗe asusu na biyu, na ciniki zalla. Shi za ka liƙa a bango, shi za a haɗa da na'urar POS, daga cikinsa za ka riƙa biyan dila da haya. Katinsa ya kwana a shago ko a gida, kada ya bi ka majalisa. Don farawa, asusu na biyu da sunanka ya wadatar. In hali ya yi, ka yi wa sunan shagon rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, domin da takardarta banki zai buɗe maka asusu da sunan shago. Sai dai ka sani, rajistar suna kaɗai ba ta raba ka da shagon a idon doka. In shago ya ci bashi, kai za a bi har gida. Kamfani mai cin gashin kansa ne ke da wannan rabuwar, kuma kai ba ka kai buƙatarsa ba tukuna. Rabuwar da nake maka magana ta littafi ce da ta hali.

Tsabar kuɗi ma haka. Na shago a durowa ko a lalita, naka a aljihu. In za ka Singa da kuɗin sari, su zauna a jakarsu, kuma kuɗin mota da na 'yan dako su fito daga cikinsu domin hidimar shago ce. Abincin da za ka ci a hanya kuwa daga aljihunka.

Abu na uku shi ne mai wuya, kuma a nan mafi yawa suke gazawa. Ka yanka wa kanka albashi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: dole ya kasance ƙasa da ribar gaskiya. Tunda ribarka 130,000 ce, ni a ganina ka tsaya a 100,000, ka bar wa shago 30,000. Na san a gidajenmu ba a cefanen wata, saboda haka ka riƙa ɗauka mako-mako, 23,000 duk Juma'a. Ka tura su daga asusun shago zuwa naka a lokaci ɗaya, ka rubuta. Daga nan duk hidimar gida daga cikinsu take: cefane, kati, man babur in yawon kanka ne, gudunmawa, sadaka, zubin adashi.

Za ka ce mutumin da ya saba kashe 210,000 ta yaya 100,000 za ta ishe shi. Gaskiya ne, za ka ji jiki. Amma lissafi bai rage maka komai ba, ya nuna maka ne kawai abin da shagon yake iya ɗauka. Ragowar 110,000 ɗin da kake kashewa, 30,000 ribar da ya kamata ta zauna ce, 80,000 kuwa naman jarin kake yanka. Zaɓi biyu ke gare ka: ko hidima ta sauko, ko riba ta hau. Ka zauna da matarka ka nuna mata shafin nan kamar yadda na nuna maka. Mace in ta san gaskiyar abin da ke shigowa, ta fi ka iya tattalinsa. Ka ba ta kuɗin mako gaba ɗaya, a daina aiko yaro shago da safe. Albashin kuma ba a canza adadinsa sai bayan wata uku. In riba ta ƙaru wata uku a jere, ka ƙara kaɗan. In ta ragu, ka sauko da shi ba tare da jin kunya ba.

Me ya sa na ce lallai ka bar wa shago wani abu, ban ce ka kwashe ribar duka ba? Saboda tashin farashi. A ce ka saro buhun sukari 70,000 ka sayar 76,000. Ka ga 6,000 ta hau, ranka ya yi fari. Ka koma Singa ka tarar buhun ya zama 75,000. In ka riga ka kashe dubu shidan nan, ba za ka iya mayar da buhun gurbinsa ba sai ka ciko 5,000 daga wani wuri. Ribar da za ka iya ci ba tare da shagon ya rame ba 1,000 ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka sha wannan: a takarda jarinsu yana nan, a kanta kaya sun ragu. Don haka bayan lissafin naira, ka riƙa lura da adadi. Buhu nawa, katan nawa nake da su a farkon wata, nawa nake da su yanzu?

Abu na huɗu, littafi. Ba sai ka sayi wani abu mai tsada ba, littafin makaranta mai kauri ya isa. Kowace rana shafinta. A sama ka rubuta kuɗin da aka wayi gari da su a durowa. A dama abin da ya shigo, tsaba dabam, tiransifa dabam. A hagu abin da ya fita da dalilinsa. A can ƙarshen littafin ka ware shafuka ka rubuta musu “na maigida”. Duk abin da ya bar shago zuwa gare ka ko gidanka, nan zai shiga, komai ƙanƙantarsa. Da daddare ka ƙirga durowa ka gwada da littafi. In an wayi gari da 20,000, cinikin tsaba 70,000, aka kashe 12,000, to 78,000 ya kamata ka tarar. In ka tarar 75,500, ka nemi 2,500 a daren, tun kana tuna wanda ya shigo da wanda ya fita. In ka bari sai gobe, ta tafi.

Kayan da ake kaiwa gida suna buƙatar a tsaya a kansu, domin su ne ɓarakar da ba a gani. Gwangwanin madara, ƙullin sukari, sabulun wanki, taliya biyu: babu kuɗin da ya motsa, shi ya sa ba ka jin an ɗauki komai. Mafi sauƙi, ka saya kamar kowa, ka ciro kuɗi daga aljihu ka sa a durowa. In ba ka da su a lokacin, ka rubuta a shafin maigida a cire ranar Juma'a. A littattafanmu na akanta farashin sari ake rubutawa, kuma ya halatta ka yi haka. Amma ni na fi so ka biya farashin da kowa ke biya, don kada hannu ya saba. Akwai wata fa'idar kuma: yaron shago yana kallonka. Ranar da ya ga maigida ya biya kuɗin sabulu, ya san babu wanda zai ɗauki biskit a banza.

Yanzu maganar 'yan'uwa, wadda na san ita ce a ranka. Mahaifiyarka za ta aiko, ƙanwarka za ta zo da kuɗin makaranta, maƙwabci zai zo da takardar asibiti. Ban ce ka hana ba, Allah ya kiyaye. Zumunci wajibi ne, kuma wanda Allah ya buɗa wa dole a zo gare shi. Abin da nake cewa, ka yi alherin da kuɗinka. Cikin albashin nan ka ware wani abu duk mako saboda irin wannan, ko 3,000 ce. In ya ƙare, ka ce a yi haƙuri sai Juma'a, kuma gaskiya ka faɗa. In kuwa lalura ce da ba ta jira, kamar rashin lafiya cikin dare, ka ɗauka a shago, amma a matsayin rance. Ka rubuta ranar da adadin da yadda za ka biya: 40,000, za a riƙa cire 5,000 duk Juma'a har mako takwas. Kafin ka gama biyan wannan, kada ka ci wani. Haka in ɗan'uwa ya karɓi kaya bashi, sunansa ya shiga littafin bashi kamar na kowa. In ka san a ranka ba za ka iya tambayarsa ba, to kyauta ce, ka mayar da ita shafin maigida ka biya. Kada rubuta bashi ya ba ka kunya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi.

Abin yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma. In ka sayar da ragonka ko ka kwashi adashi ka zuba a shago, ka rubuta, ka kuma bayyana ko ƙarin jari ne ko rance ne da za ka karɓa. In ba haka ba, a ƙarshen wata za ka ga jari ya kumbura ka ɗauka riba ce. Sai ajiyar mutane. Masu shago a unguwa ba sa rabuwa da masu kawo ajiya, kuma wannan kuɗi ba naka ba ne, ba na shago ba ne. Ka sa shi a ambulan da sunan mai shi, kada ya shiga durowa ko da sunan canji.

Abu na biyar, awon ƙarshen wata. Ka maimaita ƙidayar daren farko sak: kaya, kuɗi, bashin da kake bi, a cire wanda ake binka. Kuɗin hayar da ka tara, 20,000 na watan, ka lissafa shi cikin abin da ake bin shago, domin na mai gida ne ko da bai zo karɓa ba. Ka fara da 1,800,000, kana sa ran ribar 130,000, ka ɗebi 100,000, saboda haka 1,830,000 ya kamata ka gani. In ka ƙirga ka samu 1,812,000, akwai giɓin 18,000. Kafin ka kalli yaro, ka bi waɗannan da kanka. Shin akwai abin da ka ɗauka ba ka rubuta ba? Akwai bashin da aka bayar da baki? Akwai tiransifar da aka nuna maka a waya amma ba ta shigo ba? Wannan ta yi yawa yanzu, don haka kada kaya su fita sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka. Akwai kayan da suka fashe ko ɓera ya ɓata? Ko kuwa ribar ce ba ta kai 8 ɗin da muka ɗauka ba, saboda ragin da kake yi wa masu saye da yawa? Sai duk waɗannan sun fita sannan ake maganar hannun wani. Zargi ba hujja zalunci ne, kuma mai shagon da bai rubuta nasa ɗiban ba ba shi da bakin tuhumar kowa.

In watan farko ya zo da giɓi babba, kada ka karaya, kusan kowa haka yake farawa. Abin dubawa shi ne giɓin yana raguwa wata bayan wata. Alamar da za ta tayar maka da hankali ita ce bashin dila yana hawa alhali ciniki bai ƙaru ba. Duk sanda ka ga haka, kuɗi yana fita ta wata ƙofa.

Akwai dalilai biyu da suka wuce riba. Na farko zakka. Ɗan kasuwa mai saye da sayarwa kullum irinka, in shekara ta zagayo, yana yi wa kayansa kuɗi ne ya haɗa da tsabar da ke hannunsa, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Nisabin yana bin farashin zinare, don haka ka tambayi malaminka adadinsa a shekarar da kuma yadda ake yi da basussuka. Amma malam ba zai iya yi maka komai ba in kai kanka ba ka san abin da ka mallaka ba. Na biyu, rai. An taɓa kira na in taya wasu magada lissafin shagon mahaifinsu bayan rasuwarsa. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Amma kuɗin shago da na gida da ajiyar mutane da jarin da ƙanensa ya zuba duk a asusu ɗaya suke, babu rubutu ko layi guda. Masu ajiya suka zo, ƙanen ya faɗi nasa adadin, 'ya'yan suka ce ba su san zancen ba. Mun yi wata huɗu muna bin takardun banki, kuma har aka raba gadon akwai kuɗin da ba mu gano mai su ba. Gidan nan biyu har yau ba sa gaisawa yadda suka saba. Na fita daga wannan aikin da baƙin ciki, domin littafin naira ɗari biyar da ya hana duk wannan.

Ka sayi littafin gobe, ka je banki cikin makon nan. Ranar Asabar bayan sallar isha'i zan zo in sha Allah mu yi ƙidayar farko tare. Ka tanadi rasit ɗin sarin da ka yi na baya-bayan nan, da sunayen duk waɗanda kake bi bashi, ka kuma gaya wa yaron ya tsaya ya taya mu sauke kayan saman kanta. Ka gaishe min da mahaifiyarka da kyau.

Naka,
Kawunka